Gemun auduga: yadda muke raba Malam na tashe da yaron da ke cikin rigar

A unguwarmu ta Hausawa a Gadarif, a gabashin Sudan, shirin tashe yakan fara tun azumi yana da kwana biyar ko shida, domin a al'ada ba a fita sai wata ya kwana goma. Ɗinki da koyar da waƙa ba sa cin mana lokaci sosai. Abin da ke cin lokaci shi ne a samu yaro ya shiga gida, mutanen gidan su ce "ga Malam nan" ko "ga Tsoho nan" kafin wani ya ce "ai ɗan gidan wane ne". Idan sunan yaron ya riga sunan siffar fitowa daga bakin 'yan kallo, wasan ya mutu tun daga zaure, ko da muryarsa ta fi ta kowa daɗi.

Siffofi biyu muke fitarwa ba fashi, Tsoho da gemu da Malam na Ka yi rawa. Dukansu daga ƙasar Hausa suka zo, can ne tushensu, kuma can yaro ya tashi yana ganinsu kowace shekara, ba sai an yi masa bayani ba. Yaranmu kuwa jikoki ne da tattaɓa-kunnen waɗanda suka biyo hanyar Makka da ƙafa suka yada zango, ko waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Da yawansu Larabci ya fi zama a bakinsu. Saboda haka dole mu zauna mu tantance abin da yake na siffar, wanda ba a taɓa shi, da abin da yake na yaron, wanda ko dai a ɓoye shi ko a bar shi ya yi ado da shi.

Hanyar da muke bi mai sauƙi ce. Kaya ɗaya muke haɗawa, mu sa wa yara uku ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi wasan daga farko har ƙarshe a gaban tsofaffin da suka san tashe tun suna yara. Duk abin da tsofaffin suka nema a wurin yaran uku, suka ce in babu shi ba Malam ba ne, to na siffar ne. Duk abin da ya canza daga yaro zuwa yaro ba wanda ya damu, na ɗan wasa ne. Da wannan gwajin muka ga abubuwan da Malam ba ya tsayuwa sai da su ba su da yawa: gemu, rawani, allo, buzu, tafiya da nauyi, sai musu. 'Yan amshi suna ce masa ya yi rawa, shi kuma yana cewa bai yi ba, yana ɓata rai, yana neman shaida, har daga ƙarshe a garin nuna musu irin rawar da suke zarginsa da ita ya ɓarke da rawar gaba ɗaya. Tsawon musun, irin rawar, da 'yan maganganun da yake cusawa tsakanin amshi, duk na yaron ne.

Gemu shi ne farkon aiki, kuma a nan aka fi yin kuskure. Mutane suna ɗauka manna auduga ake yi a haɓa. Ƙaro ba ya wahalar samu a Sudan, yana da arha a kasuwa, kuma ba ya cin fata, amma ruwa ke narkar da shi, zufa kuwa ruwa ce. Idan azumi ya faɗo a watannin zafi, Gadarif ba ta hucewa sosai ko bayan isha'i, gemun da aka manna da ƙaro kaɗai kafin gida na uku ya zazzago ya rataye a gefe guda. Don haka muke yanko ƙyallen farin yadi mai faɗin yatsu huɗu, tsawonsa daga kunne zuwa kunne ta ƙarƙashin haɓa, mu ja auduga kamar cikin tafi biyu mu mayar da ita sili-sili, mu ɗinke kan kowane sili a jikin ƙyallen layi uku, na ƙasa ya fi tsawo. A kowane gefe akwai igiyar ƙyalle, ana ɗaure su a tsakiyar kai, rawani ya rufe ƙullin. In aka ɗaure a ƙeya, gemun yakan zame ya koma wuya da zarar yaro ya buɗe baki da ƙarfi.

Ƙaron yana da nasa wurin, wato gira da gashin baki. Awo ɗaya na dakakken ƙaro, awo biyu na ruwan ɗumi, a bar shi ya kwana, a tace da ƙyalle. A goge fuskar ta bushe, a shafa kaɗan, a jira ya fara danƙo sannan a ɗora audugar a danna. Mai rakiya yana riƙe da ragowar a 'yar kwalba don gyara a hanya. Gam na takalmi ko na katako ba ya zuwa kusa da fuskar yaro. Toka ma mun hana a yi furfura da ita, domin idan ta haɗu da zufa tana cin fata, yaro ya kwana da raɗaɗi a goshi da gefen ido. Alli ko garin sitaci yana ba da farin da ake so. Layukan tsufa kuwa da garin gawayi ake ja, a kwaɓa shi da ɗigon man riɗi, uku a goshi, biyu daga gefen hanci zuwa gefen baki. Kada a cika, in ya yi yawa yara ƙanana kuka suke yi maimakon dariya. Auduga kuma abokiyar wuta ce, don haka ba a barin mai gemu ya matsa kusa da murhun shayi ko kaskon turare, fitilar hannu kawai 'yan rakiya ke riƙewa.

Daga nan Tsoho da Malam suke rabuwa, tun da gemunsu ɗaya ne. Tsoho ana ɗaura masa ƙaramin matashi a tsakanin kafaɗu, igiyoyin su gitta a ƙirji, a sa riga a kai. Idan matashin ya sauko tsakiyar baya, sai ya zama kamar yaro ya goya ƙaninsa. Sandarsa kuma gajera ce, iyakarta ƙugun yaron. Wannan gajartar ita ke riƙe siffar, domin yaro ɗan shekara goma sha biyu ba zai iya tuna ya duƙa na tsawon dare ba, amma sandar da ba ta kai ba za ta tilasta masa. Tsoho ba ya miƙewa ko sau ɗaya. 'Yan amshi suna cewa ya tsufa, suna nema masa taimako, shi nasa nishi ne da karkarwa. Malam kuwa a miƙe yake shiga, ƙirji a gaba, taku ɗaya-ɗaya, ba ya kallon kowa. Dariyar wasansa tana cikin faɗuwar wannan girman, don haka in yaro ya shigo yana rangaji tun daga ƙofa, ya cinye ƙarshen wasan tun kafin a fara.

Akwai matsalar da ba za a gamu da ita a Kano ko Zariya ba, mu kuwa kullum muna cikinta. A nan farar jallabiya da farin rawani kayan kowa ne, da su ake zuwa masallaci, da su ake zama shan ruwa a bakin titi. Yaron da ya sa su bai zama Malam ba, ya zama yaro sanye da kayan babansa. Sai mun nemo babbar riga irin ta gida, ko da tsohuwa ce, mai hannu har ƙasa, mu naɗa rawanin da amawali ya zagayo ƙarƙashin haɓa, saɓanin naɗin mutanen nan da ke tsayawa a ka. Mita biyu ta ishi kan yaro, in ya fi haka nauyi zai riƙa ja masa kai baya. Sai tasbaha ta 'ya'yan aduwa mai manyan ƙwayoyi, buzu a kafaɗa, allo a hammata. Allon sabo ne fes, ko wanda ba a taɓa rubutu a kansa ba. Allon makaranta ba ya shiga tashe, domin Malam zai yi rawa, allon zai faɗi ƙasa, wataƙila a taka shi.

Kaya biyu mun cire su gaba ɗaya saboda abin da suke nufi ga maƙwabtanmu. Na farko riga mai faci kala-kala, musamman kore da ja. A idon mutumin Sudan wannan jibbar darwishi ce, irin wadda aka saba gani ranar Juma'a da yamma a zikirin Hamad al-Nil a Omdurman. Darwishi ba shiga ya yi ba, shi ne da kansa, ba wani a ƙarƙashin rigar da zai cire ta ya koma gida ya zama wani mutum dabam. Yaron da ya sa irin wannan yana rawar ban dariya, mai kallo zai ɗauka da 'yan ɗariƙa ake. Na biyu jar dara, wadda a ƙasar Hausa hula ce kawai, a nan kuwa tsofaffin mata da yawa zar, wato borin mutanen nan, take tuna musu, inda ake sa wa mai iskoki kayan da iskar ta nema. Can ana cewa wani ne ya hau mutum. A tashe ba wanda ya hau kowa, yaro ne yana sane da kansa, kuma muna so wannan ya fito fili.

Idan an gama shiri sai gwajin gwaggo. Muna zaunar da wata daga cikin dangin yaran, wadda ba ta ga lokacin da ake sa kayan ba, kamar taku goma daga ƙofa, a hasken ƙwan lantarki ɗaya irin na tsakar gida. Yaro ya shigo. Tambaya biyu ake yi mata, wane ne wannan a tashe, sannan wane yaro ne, kuma me ya tona shi. Ta farko in ta yi jinkiri, kayan ne ba su cika ba. Ta biyu kuwa kusan kullum tana ganewa, abin da muke nema shi ne ta ina.

Ga yadda ta kasance da wani yaro mai kimanin shekara goma sha uku da muka shirya a Malam. Yana sako ƙafa gwaggonsa ta ce, "Malam ne, ga allo ga buzu." Aka ce to wane ne a ciki? Ta yi dariya ta ce, "Haba, ɗan yayana ne. Ku dubi takalmin, ni na saya masa. Kuma duk gidanmu shi kaɗai ke riƙe abu da hagu." Fuska ba ta cikin abin da ta ambata ko kaɗan. Haka yake a yawancin yara, ƙafa da hannu ke tona su, mu kuwa duk wahalarmu a fuska take. Muka cire silifas ɗin, muka sa masa tsohon markub, takalmin fata irin na mutanen nan, na manya da ya fi ƙafarsa, muka cusa tsumma a gaba don kada ya fita. Wannan ya ɓoye takalmin da aka sani, ya kuma canza masa taku, domin mai babban takalmi dole ya ja ƙafa a hankali. Muka mayar da allon hammatar hagu, hannun ya samu aikin yi, tasbaha ta koma dama. Wandon da ya tsaya a ƙwauri, yana nuna tabon da kowa ya sani, muka sauya da dogo.

Aka sake shigo da shi gaban wata inna ta maƙwabta. Ba ta gane shi ba har aka fara amshi. Da aka ce ya yi rawa, maimakon ya musa da Hausa cikin muryar manya, sai bakinsa ya suɓuce ya ce "ya zol", wato "kai mutumin nan" a Larabcin Sudan, da muryarsa ta wasan ƙwallo, ya kuma ƙyalƙyale da dariya. Nan take ta kira sunansa. Murya ita ce ta fi wuyar ɓoyewa, kuma ba ma neman yaro ya shaƙe maƙogwaro, domin kafin gida biyar zai dushe. Abin da muke koya masa shi ne ya rage sauri, ya ja ƙarshen magana, ya yi gyaran murya kafin kowace amsa. Gyaran muryar yana ba shi lokacin tuna kalmar Hausa, yana kuma danne dariya. Dariya kuwa doka ce, Malam ba ya yi. Duk gidan na iya faɗuwa ƙasa, shi fuskarsa a murtuke. In dariyar ta ci ƙarfinsa, ya ɗaga allo ya kare fuska kamar mai jin kunyar zargin da ake masa, wannan ya shiga cikin wasan.

Ba kuma so muke yaron ya ɓace ɗungurungum ba. A unguwa irin tamu, kafin a kai gida na huɗu labari ya riga ya zaga cewa wane ne Malam bana. Abin da ake so shi ne mutane su sani amma su yarda su yi kamar ba su sani ba, uwa ta ce "Malam, a yi haƙuri, ga sadaka" alhali ɗanta ne. Rawar ƙarshe ma a nan muke sakar masa mara. Wani yaron rawar gida yake yi, wani ta mutanen nan da ya gani a biki, duk daidai ne, domin a wannan gaɓar 'yan kallo gwanintar yaron suke jira. A ganina wanda ya hana yara wannan 'yancin, ya ce sai rawa iri ɗaya, ya kashe abin da ke sa su dawo baɗi.

Inda rabewar take zama dole, ba ado ba, shi ne wurin magana. Malam na tashe ba shi da suna, ba shi da unguwa, malamin kowa ne kuma ba na kowa ba. Saboda haka ne malamai na gaske suke dariya su ba da sadaka. A wani dare wani yaro, ba wanda muka yi wa gwajin ba, ya shiga wani gida ya ƙara abu biyu da ba mu koya masa ba, ɗingishi a ƙafar dama da wata 'yar kalma da yake maimaitawa a ƙarshen kowace magana. Ana iya gane irin wannan daga dariyar. Dariyar siffa kowa ke yi lokaci guda, idanu na kan ɗan wasa. Wannan kuwa yara ne kawai suka fashe, manya suka yi tsit suna kallon juna, wata ta rufe baki da mayafi. Wani dattijo mai koyar da yara a unguwar yake kwaikwayo, kuma kowa ya gane. Mai gidan ya kira mai rakiya gefe ya ce, "Ɗana, wannan ba tashe ba ne, ku gyara." Aka tsayar da wasan, aka cire wa yaron gemu da rawani a waje, washegari kawunsa ya kai shi ya ba da haƙuri da fuskarsa, ba da fuskar Malam ba. Ƙa'idar da muke bi ita ce, abin da yake cikin waƙar da tsarin da aka gada, siffar ce ta faɗa, ba a riƙe yaro da shi. Abin da ya ƙara wanda ke nuna wani mutum takamaimai, nasa ne, shi zai amsa.

Ba kowace siffar tashe ce ke neman ɓoye mai ita ba. A Kano akwai Nalako, sarkin gwagware, mai jagorantar tashen gwauro. Wannan sarauta ce da ake riƙewa, kowa ya san mutumin, ba ya bukatar gemun auduga. Gwauron da ake ɗaura wa igiya a zaga da shi ma ainihin gwauro ne, dariyar tana kan shi kansa. Irin wannan ba mu taɓa shi da yara, domin babu rigar da za a cire a ce wasa ya ƙare.

Macukule kuma mun ajiye shi, duk da tsofaffi suna tambaya. Shigarsa ba wuya, tsummoki ne da igiya a ƙugu, ba a wuya ba, da wanda ke riƙe da igiyar. Amma gishirin wasan yana cikin kwaikwayon Bagwari da irin Hausarsa, wasa ne da ke tsaye a kan zaman tare da barkwancin da ke tsakanin Hausawa da Gwarawa a can gida. Yaron Gadarif bai taɓa ganin Bagwari ba, 'yan kallonsa ma haka. Da muka gwada shi a tsakar gida, tsofaffi biyu ne suka gane, sauran yaro suka gani cikin tsumma an ɗaure shi da igiya, har wata ta ce a kwance shi. Siffar ba ta iso ba, sai yaron kaɗai, ga kuma haɗarin a ɗauka ana yi wa masu gurguwar Hausa ko gurgun Larabci dariya, waɗanda muna da su a kowane gida.

A hanya, babba ɗaya ke bin kowace ƙungiya da ruwan sha. Mai gemu da rawani da babbar riga yana shan zafi fiye da 'yan amshi, don haka bayan gida uku ko huɗu ake sassauta masa amawali a lungu, ba a gaban mutane ba, ya sha ruwa, a duba ƙullin gemun. In ya fara amsa amshi a makare ko yana dafa bango, an gama da shi a daren, wani ya karɓi kayan. Tun da siffar a kayan da takun take, canjin ba ya ɓata komai, gidan gaba ba su ma sanin an canza.

Ana cire kaya wuri ɗaya, a gidan da aka sa su. Ruwan ɗumi yana narkar da ƙaron, man riɗi a tsumma yana ɗauke gawayin, sannan sabulu. Gemun a shanya shi ya bushe kafin a sa a buhu, in ba haka ba ya yi wari ya dunƙule. Abin da aka samu, kuɗi ne ko dabino ko hatsi, ana raba shi daidai da 'yan amshi, ba a fifita mai gemu, domin in aka fifita shi gobe kowa Malam yake son zama, a rasa mai amshi. Da safe kuma ba a yarda a kira yaro Malam ko Tsoho a makaranta ko a layi ba. In muka ji sunan ya fara bin wani, sauran dararen sai mu mayar da shi cikin 'yan amshi, mu ba wani kayan.